Awa Huɗu Ranar Lahadi

Mas'uda ta rubuta imel ɗin ranar Laraba, nono na damunta, don tun safe ta bar jaririnta Yusha'u a unguwar Sabo wurin innarta. Ita kaɗai ke kula da rumbun bayanan kamfanin sufurin da ke Ojoo, kuma shekarar 1999 ta kusa ƙarewa.

"Ranka ya daɗe, gurbin shekara a teburin takardun lodi na cikin kwamfuta lamba biyu yake ɗauka, dole a mai da shi huɗu, in ba haka ba injin zai ɗauki shekarar 2000 a matsayin 1900. Yayin da ake sauya tsarin, injin zai kulle teburin duka, ba mai iya shigar da lodi ko buga takarda. Ina roƙon a tsayar da aiki awa huɗu ranar Lahadi bayan azahar, in kwafi komai a kaset, in yi sauyin, in gwada. In abu ya ɓaci, akwai inda za mu koma."

Manaja Alhaji Manniru bai ba da amsa a rubuce ba. Saukowa ya yi da kansa. Tsohon direba ne, shekara ashirin a hanyar Kano.

"Malama Mas'uda, kin taɓa ganin an kashe mota da kaya a kai? A tashe ake gyara ta."

"Alhaji, wannan ba mota ba ce."

"Duk inji ne. Lahadi ina Legas, ba mai taɓa min shi ba na nan. Asabar da safe, ana aiki kina naki."

"Asabar ce fa ranar tumatir."

"To, sai ki yi sauri."

Ta so ta ƙi. Amma mijinta wata biyar ke nan ba aiki, ga yaro. Ta amince.

Asabar ƙarfe tara ta soma. Kafin minti goma allon kowane akawu ya daskare. Motocin tumatir sha ɗaya da za su sauke a kasuwar Shasha suka yi layi a rana, don ba a barin mota ta fita ba takarda. Masu kaya suka cika ƙofa, ana zagi da Hausa da Yarbanci.

Bayan awa biyu Alhaji ya shigo yana gumi.

"Kashe shi ki kunna."

"Don Allah, Alhaji, ya wuce rabi. In an kashe, sai ya warware duk abin da ya yi kafin ya buɗe."

Ya miƙa hannu ya zare wayar wutar injin da kansa.

Injin ya tashi, ya hau warwarewa layi-layi, teburin a kulle. Sai bayan la'asar ya buɗe, shekara na nan da lambobinta biyu. Ruwan tumatir na ɗiga daga kwanduna.

Litinin aka kira ta ofis. Ta je da imel ɗin a buge.

"Na gani," in ji Alhaji, bai karɓa ba. "Amma dillalan tumatir sun ce sai an nuna musu mutumin da ya ja musu asara. Ni zan nuna musu?"

Ta ajiye makullin ɗakin injin a kan teburinsa. A motar Sabo ta yi ta neman abin da za ta gaya wa Inna, har aka iso ba ta samu ba.