Sifilin da Na Ba Yamusa

Shekarar da gwamnati ta taso daga Legas, ina koyar da lissafi a Gwagwalada. A jarrabawa na tambayi ɗalibai inda jerin n bisa n+1 ya dosa.

Yamusa, ɗan Paikon Kore, ya rubuta: "Rabi, biyu bisa uku, uku bisa huɗu. Giɓin da ya rage a cika ɗaya shi ne ɗaya bisa n+1, kuma yana ta raguwa zuwa sifili. Iyakar jerin ɗaya ce."

Ba hanyar da na koyar ba ce, sai na zabga masa sifili. Wannan ya kayar da shi.

Jiya a kasuwa ya loda mini doya, ya ce, "Malam, har yau ban gano kuskurena ba."

Babu kuskure. Na ce masa na manta tambayar.