Layi Na Bakwai a Takardar Sulhu

Mai shiga tsakani ya ce shafi ɗaya kowane ɓangare zai rubuto masa: abin da ya faru, inda aka saɓa, abin da ake nema, da abin da za a iya bayarwa. Ranar Litinin zai karɓa, ya aika wa kowa takardar ɗan'uwansa, a zauna ranar Alhamis.

Manajar maɗaba'ar ta gama nata shafin da hantsin Litinin, a ƙaramin ofishin da ke bayan injin yanka takarda. Maɗaba'ar ta mahaifinta ce. Wadda ake rigimar da ita kuwa mai sabulu ce, wadda suka shekara goma sha tara suna buga mata takardun naɗe sabulu. Goggo manajar take ce mata tun tana 'yar firamare.

A watan jiya sun buga mata takarda dubu arba'in ɗauke da tsohon nauyi, giram ɗari biyu, alhali ta rage sabulun zuwa ɗari da hamsin. Kantunan da take kai wa suka mayar mata da kayan. Goggo ta ce ta buga waya ta faɗa musu canjin. Tana neman a sake bugawa kyauta, a biya ta asarar mako uku.

Layi na bakwai a shafin manajar, lauyan maɗaba'ar ne ya tsara shi: "Babu wata rubutacciyar sanarwa da ta iso mana game da canjin nauyi." Babu ƙarya a cikinsa ko ɗaya.

Amma manajar ce ta ɗauki wayar ran nan. Ta rubuta "150" a bayan wani gutsuren kwali, injin ya cije takarda, ta jefa kwalin a aljihun tebur ta fita da gudu. Sai shekaranjiya ta gan shi, tana neman almakashi.

Baba, mahaifin nata, ya shigo da tabarau da rula. Tun da ya buɗe wurin, babu takardar da ke fita sai ya bi ta layi-layi ya sa hannu a kusurwa.

"Kawo mu ga littafin naki."

"Shafi ɗaya ne, Baba."

"Shekara sha tara a shafi ɗaya? Katin biki ma ya fi wannan tsawo."

Ya ɗora rular, yana saukowa da ita a hankali. A layi na bakwai ya tsaya.

"Rubutacciya? Yaushe matar nan ta taɓa rubuto mana wani abu? Ko lambar wayarta da baki ta ba ni."

"Haka lauya ya ce a sa."

"Lauya bai san ta ba. Amma idan kin ce ba ta kira ba, to ba ta kira ba. Tsufa ne, ni ma jiya na nemi tabarau yana kan hancina." Ya zare biro. "Zan dai ji nauyin haɗa ido da ita."

Manajar ta jawo aljihun tebur, ta ajiye kwalin a kan shafin. Baba ya juya shi. Ya san rubutun 'yarsa. Ya mayar da murfin biron.

"Tun yaushe?"

"Shekaranjiya na gani."

"Kika kwana biyu da shi."

Ya tura mata shafin ya koma wajen injin.

Ta kira lauya ta ce masa za ta rubuta gaskiyar abin da ya faru. Ya ce abin da aka faɗa a zaman sulhu ba a kai shi kotu, amma idan Goggo ta karanta, ba za ta manta ba, kuma ciniki ya ƙare ke nan. Ta ce ta ji. Ta goge layin ta rubuta: "Ta sanar da mu ta waya. Ni na ɗauka, ban isar wa mai injin ba." A ƙasa ta sa cewa za su sake bugawa kyauta cikin kwana biyar, su tattauna asarar. Baba ya sake bin shafin da rula, ya sa hannu.

Ranar Alhamis zaman bai kai awa guda ba. Goggo ta zo da shafin manajar a ninke cikin jaka.

"Wata guda ina tsammanin ƙwaƙwalwata ce ta fara taɓuwa," ta ce, tana duban manajar. "Har jikata na sa ta duba min wayar."

"Ki yafe ni, Goggo."

"Na yafe. Aikin ma ba zan ɗauke ba, ina zan je da tsufana?"

Mai shiga tsakani ya karanto abin da aka amince da shi, ya tambaya ko da ƙari.

"Akwai," in ji Goggo. "Malam, sa a ciki: daga yau duk abin da zan ce musu, a rubuce zan aiko, su ma su sa hannu sun karɓa."

Baba ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Manajar aka fara miƙa wa biron.