Farfelar Kawu Malami

"Farfelar da ka yi min ke nan," in ji Kawu Malami. Ya ajiye ta kan tebur, gida biyu. "Ko kadada guda ba ta shayar ba."

"Kawu, kai ka ce a yi sauri."

"Sauri na ce. Na ce ka yi min wainar gero?"

Zaharaddini ya ɗauki ɓarin, ya juya shi. Daga Bakura kawun nasa ya taso, shinkafarsa ta fara fidda kai, injin ban-ruwa kuwa ya tsaya. An zaga Talata Mafara ba a sami irin farfelar ba, shi ya sa aka zo shagon Zaharaddini, wurin na'urar da ke narka zaren roba tana gina abu hawa-hawa.

Zaren mai garin kabon ne, ga ƙarfi, amma yana cin bakin na'ura kamar yashi. Bakin tagulla da yake aiki da shi tuni raminsa ya buɗe, sai ya sa na ƙarfe mai tauri. Wannan ba ya cinyewa da wuri. Sai dai ba ya kai zafi ga roba kamar tagulla, shi kuma ya bar zafi da gudu yadda suke, don a gama kafin rana ta sauka daga kan sola. Robar ta fito ba ta gama narkewa ba, ta fito kaɗan-kaɗan. Hawa bai kama hawa ba. Ga shi nan inda ta rabe, sumul.

"To mai da na tagullar mana, ɗan nan."

"Zai zuba da sauri, amma ba bisa awo ba. Ba za ta zauna a injin ba."

"Na ƙarfen fa?"

"In ƙara zafi, in rage gudu. Za ta yi ƙarfi."

"Ta gama yaushe?"

Zaharaddini ya dubi batirin da ke ƙarƙashin tebur. Ya tsufa, ba ya riƙe na'urar bayan la'asar, kuma in ta mutu a tsakiyar aiki robar ta huce, nan wurin zai sake rabewa.

"Sai gobe in fara da hantsi. Ku same ta da yamma."

"Da yamma wa ke bin hanyar gona yanzu, da 'yan bindigar nan?"

"Jibi ke nan."

Kawu ya zauna kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Faɗan ya fita daga muryarsa. A waje wani mai babur yana kiran masu zuwa Jangebe, ba wanda ya hau.

Zaharaddini ya ƙara zafin, ya rage gudun, ya kashe na'urar don batirin ya huta.

"Ƙasar ta fara tsagewa tun jiya," Kawu ya ce, yana kallon ɓarin farfelar. "Kana ganin shinkafar nan za ta kai jibi?"