Kwamishon Kallon Bidiyo

Inna Zinariya ta riƙe Adnan, ɗan ƙanenta, tun yana rarrafe, kuma har yau da gemunsa da digirinsa, idan ya yi tari sai ta jiƙa masa kanwa. Shekara biyu yana zagayen neman aiki, daga Kwangila har Hanwa, bai samu ba. Abin na cin ranta matuƙa.

Ranar Laraba ya shigo gidansu na Tudun Wada da murmushi har kunne, ya ajiye mata tsire a gaban injin markaɗenta.

"Inna, na samu aiki! Wata mata ce ta turo mini saƙo ta Wasaf. Bidiyo kawai zan riƙa danna wa alamar so, in tura mata hoton shaida. Na danna uku, ta turo mini dubu biyu."

Inna ta kashe injin. "'Yar wace ce?"

"Ban san ta ba."

"Ina ta samu lambarka?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce ai an sa shi a wani zauren Telegiram, mutane sai godiya suke ana biyansu. Yanzu saura babban aiki: ya zuba dubu arba'in, a mayar masa da dubu hamsin da biyu kafin la'asar. Har ya yi magana da Lawal mai gyaran waya zai sayi kwamfutarsa, wadda yake tura takardun neman aiki da ita.

Inna ta girgiza kai. Ita boko bai dame ta ba, amma ta yi kiwon kaji shekara talatin.

"Adnan, in zan kama zakara, tsaba nake watsa masa. Tsaba ce ta gaske, yana ci. Shekara nawa ina markaɗe, ka taɓa ganin na biya mai tattasai don ya bar ni in markaɗa masa?"

"Inna, zamani ne."

"To gwada ta. Ce mata ta cire arba'in ɗin daga kuɗin da za ta mayar maka, ta turo maka ragowar."

Ya rubuta yana dariya. Amsa ta zo nan take: ba a haka, kuma saura minti goma gurbinsa ya wuce. Ya tambayi sunan kamfanin da inda ofishinsu yake. Sai aka ce masa in ya kawo dubu ashirin ma za a karɓa. Ya rubuta tambayar a zauren, ko akwai wanda ya taɓa ganin ofishin. Kafin ya ɗago kai an goge ta, an fitar da shi.

Kunya ta kama shi, idonsa ya ciko.

"Na ɗauka wannan karon zan ce miki ki huta da injin nan."

Inna ta ji tausayinsa har cikin ranta. Ta jawo kansa kamar yana ɗan shekara biyar.

"Wa ya ce maka na gaji? Kira Lawal ka ce ka fasa."

Ya kira shi, tana tsaye a kansa har ya gama.