Barcin Shu'aibu da Yawon Tabawa

Ni fa ba na son gulma, amma ƙofar ɗakina na kallon ta Tabawa a gidan hayarmu na Kwararafa, to ido zan rufe?

Tabawa ta daɗe da fita takaba. Tana zaune da 'yarta Hasiya mai ɗinki, aikinta renon jikanta Shu'aibu. Shi kuwa ɗan nema ba ya barci sai a goye, ana tafiya. Sau uku a yini, da hantsi, bayan azahar da kuma bayan la'asar, Tabawa za ta saɓa shi a baya ta fita, wai ƙarar keken ɗinki na hana shi barci. Abin da ya ba ni mamaki, ban taɓa ganin mai lallashin jariri na sa kwalli da turare ba.

Ashe a bakin titi akwai rumfar Lukuman, tsohon ɗan haƙar kuza da ya koma gyaran rediyo, matarsa ta rasu. Nan ake tsayawa, ana jijjiga yaro ana murmushi. Tabawa na son mutumin nan, wallahi kamar ta yi kuka, amma ta ina tsohuwa za ta buɗe baki ta gaya wa 'yar cikinta tana da bazawari?

Da Shu'aibu ya kai wajen wata takwas, sai ya fara ƙin barcin la'asar. A fita da shi, ya dawo ido tangaran yana cin bakin zani. Ran da aka samu ya yi kuwa, sai da dare ya ƙi kwanciya da wuri, kuma asubar fari ya tashi gidan. Hasiya ta zuba ido fiye da mako, sannan ta ce a wurin awo an gaya musu wannan alama ce yaro ya iya daɗewa a farke, barci biyu sun ishe shi, a dai riƙa kwantar da shi da wuri.

Tabawa ta ce, "Haƙori ne. Ku yaran zamani, komai sai an ce a asibiti."

"Inna, mai ciwon haƙori kuka yake yi. Wannan dariya yake mana."

Haka fitar la'asar ta mutu. Tabawa ta sha kwanaki tana harar yaron, har cewa take ya yi mata butulci.

An tafi a haka har ya wuce shekara da 'yan watanni, ya fara tafiya yana jawo wa uwarsa zare. Sai kuma ga sabon salo: in ya yi barcin hantsi, na bayan azahar ko oho. Ya yi ta surutu a bayan kakarsa yana ja mata ɗankwali, da magariba kuma ya gaji ya yi ta rigima. Tabawa ta ga abin da ke tafe. Sai ta riƙa lulluɓe shi da mayafi tun daga zaure, ta shigo a saɗaɗe tana cewa, "Shhh, ya yi barci." Rannan tana cikin shhh ɗin, mayafi ya motsa, aka ce, "Ta-ta!" Na yi dariya har na ƙware.

Hasiya ta yanke hukunci: barci ɗaya. Aka riƙa jan na hantsi gaba kaɗan-kaɗan, ana ba shi abincin rana da wuri, har ya daidaita a bayan azahar. A goya shi ya yi mai tsawo, ya tashi fes.

To a nan aka yi ta. Bayan azahar shi ne lokacin da Lukuman ke jingina da bango, ya ja hula kan fuska ya yi nasa barcin. Da can Tabawa ba ta damu ba, tunda akwai hirar hantsi. Yanzu fita ɗaya ta rage mata, ta je ta tarar da mutum na munshari. Ta yi tari, ta ja takalmi, ina! Ta dawo da mai barci a baya, ta baro mai barci a rumfa. Ta rame, ta daina kwalli, abin har ya ba ni tausayi.

Wata safiya sai na ga ta fito da atamfar Sallah, ƙamshi ya cika tsakar gida, bayanta fayau ba goyo. Shu'aibu na gefe yana buga murfin kwano. Hasiya ta tsayar da keke.

"Inna, ina zuwa? Yaron ai idonsa biyu."

Tabawa ta dubi ƙasa, ta dubi ƙofa, ta dube ni, na yi kamar ina tsince shinkafa. Ta gyara mayafi.

"Zance zan je. Wurin Lukuman. Sai ki ce me?"

Hasiya ta ci gaba da taka keke, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Sai in ce ki gaya masa ya turo manyansa. Tun yaron nan na wata biyar nake jira."