Sange a Watan Afrilu

Sau uku Salima ta sa ordinate, wato kwamfuta, ya sake lissafin, sau uku ya mayar mata da talatin da huɗu, ko kunya babu.

Ita ce mai kula da bibiya da auna sakamako a wata ƙaramar ƙungiya a Gaya, wadda ta shekara ɗaya da rabi tana wayar da kan ƙauyuka goma sha biyu na Tunuga a kan zazzaɓin cizon sauro. Da hannunta ta tsara tebur, wato jadawalin da ake auna aikin da shi, har takan yi alfahari da shi. Babban ma'auninsa ɗaya ne: cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi nawa suka kwana cikin sange, wato gidan sauro, a daren da ya gabaci ranar tambaya. Kafin a fara aiki an zaɓi gidaje ɗari uku ta hanyar ƙuri'a, aka yi tambayar, aka samu kashi sittin da ɗaya cikin ɗari. Wannan shi ne mafari. Buri kuwa tamanin. Yanzu an sake bin gidaje ɗari uku da tambayar nan dai, ga abin da ya fito: talatin da huɗu. Wata goma sha takwas ana faɗakarwa, mutane sun koma baya. Kuma da wannan lamba masu tallafi a Yamai za su yanke ko a ci gaba da aikin ko a naɗe tabarma.

Malam Baƙo, shugaban aikin, ya tsaya a kanta yana fifita da wani tsohon rahoto. Mutumin kirki ne, sai dai bai taɓa haɗuwa da lambar da yake ganin ba za a iya lallashinta ba.

"Madam Salima, gida nawa ke da sange?"

"Kashi casa'in da biyu."

"To, alhamdu lillahi! Sa wannan."

"Shef, mallaka daban, kwana ciki daban. Abin da muka auna a mafari shi za mu auna a ƙarshe."

"Ke dai kina son wahala. Mata ashirin da huɗu sun zagaye gidaje har takalmansu sun cinye, ki rubuta sun ɓata aiki?"

Nan ne ya taɓa mata inda ke ciwo. Ziyarar gida-gida ta wuce adadin da aka tsara. Iyayen da ke iya faɗin alamomin haɗari ga yaro mai zazzaɓi sun ƙaru sosai. Lamba ɗaya ce ta ƙi, ita ce kuma babbar. Salima ta fara zargin masu tambayar da aka ɗauko haya. Ta san halin wasunsu: a samu inuwar mangwaro, a cika gidaje goma a tabilet ba a ga ƙofar ko ɗaya ba. Washegari ta zaɓi gidaje goma daga jerin, ta hau bayan moto, wato babur, ta nufi Tunuga don ta sake tambaya da bakinta, ranta a ɓace tun kafin a fita gari.

Ajuma ce ta tare ta, babba cikin matan da ke zagaya gidajen, dattijuwa mai saurin tafiya da saurin baki. Suka shiga gida na farko. Yaro ya kwana cikin sange jiya? A'a. Akwai sangen? Matar gidan ta shiga ɗaki, ta fito da shi a naɗe tsaf cikin leda, sai ƙamshin sabulu yake. Gida na biyu haka, na uku haka. Cikin goma, tara sun yi daidai da abin da ke tabilet. Masu tambayar dai sun yi aikinsu, ko wannan ɗan sauƙin na samun wanda za ta ɗora wa laifi Salima ba ta samu ba.

"Inna, me ke faruwa ne?" ta tambaya, murya ta fara hawa. "Ba ku gaya musu ba?"

Ajuma ta dube ta sama da ƙasa. "Ɗiyata, wane wata muke?"

"Afrilu."

"Waccan tambaya ta farko, yaushe anka yi ta?"

"Satumba."

"To! Ga Satumba ko mahaukaci ya san sange, sauro kamar ya ɗauke mutum. Yanzu wa ke kwana ɗaka cikin wanga zafi? Kowa na tsakar gida bisa tabarma. Sun wanke sange sun aje sai ruwa ya sauka. Muna faɗa musu sauron fadamar shinkafa bai san rani ba, wasu sun ji, sun kafa sanduna huɗu. Su ne 'yan talatin ɗin naki. Da, ko goma ba ki samu."

Salima ta yi lissafi a ranta. Nawa ne a Afrilun da ya gabaci aikin? Babu wanda ya auna, saboda haka maganar Ajuma, ko gaskiya ce, ba ta da gurbi a rahoto. A tsaye a wurin ta buɗe teburinta a waya. Ma'auni, ma'anarsa, mafari, buri, hanyar tattarawa, wanda zai tattara, duk a cike. A gurbin lokaci kuwa ga abin da ta rubuta: "farkon aiki da ƙarshensa." Ba wata, ba damina, ba rani. Ita da aka haifa a Gaya, ta san zafin Afrilu tun kafin ta san baƙi, ta zauna a gaban fanka ta gwada damina da bazara. Takardar ta bi hannun mutum biyar har Yamai, kowa ya sa hannu, babu wanda ya ce uffan. Haushin kowa ya kama ta, nata ya fi.

Ta rubuta talatin da huɗu. Ƙarƙashinsa ta bayyana cewa lambobin biyu ba sa gwaduwa saboda bambancin lokaci, kuskuren daga tsarinta ne, tana roƙon a maimaita binciken a Satumba. Malam Baƙo ya karanta, ya yi tsaki, ya yi salati, ya sa hannu.

Bayan mako uku amsa ta zo daga Yamai, cike da ladabi. Sun yaba da gaskiyarta. Sun yarda a maimaita a Satumba. Kafin nan, a dakatar da ziyarar gidaje har a ga sakamako.

Ba ta yarda ta faɗa wa Ajuma a waya ba, ta sake hawa moto. Ta tarar da Ajuma a ƙofar gida tana tsince shinkafa a faifai. Dattijuwar ta saurara har ƙarshe, hannunta bai tsaya ba.

"Sai Satumba," in ji ta. "Wato damina duka ba mai zagayawa. Lokacin da yara ke faɗuwa."

"Haka ne, Inna. Laifina ne."

"Ban tambaye ki mai laifi ba." Ta ajiye faifan. "Bari in yi miki tambayar taku. Ɗiyarki Rukayya shekararta nawa?"

"Uku."

"Jiya cikin sange ta kwana?"

Salima ta sunkuyar da kai. Tun watan Maris sangen ke naɗe a saman kabad, da hannunta ta wanke shi ta ɗora. A tsakar gida suke kwana, ita da yarinyar, bisa tabarma.

Ajuma ta ɗauki faifanta. "In kin koma, ki nemi sanduna huɗu," ta ce.