Takardun Tuhuma Uku

Shekara goma sha huɗu ina shugaban makaranta, takardar shaida ɗaya gare ni. Suna kawai nake canjawa: "Mai biyayya, mai zuwa aiki kan lokaci." Da ita na yabi malamai, da ita na yabi maigadi.

Da malamar lissafi ta nemi tallafin ƙarin karatu a ƙasar waje, ta sa ni cikin masu ba da shaida a kanta. Masu tallafin suka turo min saƙon imel: in rubuta a takarda mai tambarin makaranta, in sa hannu, in buga hatimi, in tura da kaina kafin Alhamis. Babu takardata, ba za su duba nata ba.

Ranar Talata na kira ta ofis, na karanta mata abata ina jiran godiya.

"Ranka ya daɗe, wannan ai ta maigadi ce."

"Shi ya yi ƙorafi?"

"Misali suke so. Wace matsala na gani, me na yi, me ya biyo baya. Kuma ni yaushe na yi maka biyayya?"

Nan kam ta yi gaskiya. Ta fita ta bar ni da fanka mai ƙara. Na sa akawu ya ɗauko fayil ɗinta ko zan sami abin yabo. Takardun tuhuma uku na tarar, kowacce da sa hannuna.

Ta farko: ta mai da darasin lissafi zuwa ƙarfe takwas na safe ba da izinina ba, wai bayan tara yara barci suke. Ta biyu: ta kwashe karyayyun kujeru daga sito ta mai da shi ajin bita. Ta uku: ta gaya min a taron malamai cewa jadawalina ne ke kayar da yara. A ƙarƙashinsu ga sakamakon jarrabawa: daga mutum tara masu cin lissafi zuwa talatin da ɗaya.

Akawu ya leƙo. "Yallaɓai, a ɓoye su?"

"Zauna ka buga."

Na kwashe laifuffukan nan uku na jera, kowanne da kwanan watansa. Inda na taɓa rubuta "taurin kai" na bar shi, na ƙara da cewa ita ce da gaskiya. Wannan jimlar ta fi ba ni wuya. Sai da na sha ruwa. Na buga hatimi, na tura ranar Laraba.

Bayan wata huɗu ta shigo ofis ko sallama ba ta gama ba.

"Na samu! A ganawar ma labarin siton suka yi ta tambaya."

"Madalla. To wa zai koyar min da lissafi?"

"Ranka ya daɗe, ba lissafi ka karanta ba?"

Yanzu ni ke shiga ajin, ƙarfe takwas na safe. Na so in mai da shi bayan tara, akawu ya tuna min abin da na sa wa hannu.